Bashin ginin gidana: inda kuɗin shekarun farko suke tafiya

A shekarar 2021 na karɓi bashin sefa miliyan goma a wani banki a nan Maraɗi, domin in gina filin da nake da shi a bayan unguwar Ali Ɗan Sofo. Yarjejeniyar ta shekara goma sha biyar ce, wato wata 180, kuɗin ruwa kashi 9 cikin ɗari a shekara, kuma ana cire sefa 101,427 daga albashina kowane ƙarshen wata. Duk lissafin da zan kawo a nan da sefa ne kamar yadda yake rubuce a takardar banki, ba da dala irin ta kasuwa ba, don kada mai karatu ya ninka ko ya raba da biyar. Akwai kuma ɗan abin da ake ƙarawa na inshora da haraji, amma na ware su gefe, domin ba su ne ke tafiyar da abin da nake son bayyanawa ba.

Kafin a kai ga sa hannu an bi matakan da duk ma'aikaci ya sani. Na kai takardun albashi, da shaidar wurin aiki cewa albashina zai ci gaba da biyowa ta wannan bankin, da takardar fili, da kiyasin da magini ya yi na siminti da ƙarfe da kwano. Bankin ya duba ko abin da za a riƙa cirewa bai wuce kason da albashin zai iya ɗauka ba. Na kuma tambayi jimillar tsadar bashin idan an haɗa ruwa da sauran kuɗaɗen da ke biye da shi, domin a lokacin dokar ƙasashenmu masu amfani da sefa ta hana banki wuce kashi 15 cikin ɗari, ƙananan asusun lamuni kuma kashi 24, ƙa'idar da ta fara aiki tun 2014. Nawa yana ƙasa da iyakar. Ranar sa hannu aka haɗa mini da wasu shafuka cike da lambobi, jadawalin biya, wanda ma'aikatan ke kira tablo. Layi 180 ne, kowane wata da layinsa. Ma'aikaciyar ta ce, "Malam, ka adana wannan da kyau, shi ne zai riƙa gaya maka inda kake." Gaskiya ta faɗa.

Abin da ya fi ɗaure wa mutane kai yana fitowa ne bayan an cika shekara ana biya. Ni a shekarar farko an cire mini kusan sefa 1,217,000. Da na duba layi na goma sha biyu, sai na ga abin da ake bina ya tsaya a wajen 9,669,500. Ke nan bashin ya ragu da 330,500 kawai, sauran 886,600 duk sun tafi a ruwa. Ko da mutum ya san haka za a yi, ganin lambar a takarda yana sa gaba ya faɗi. Abokan aikina da dama da suka ga irin wannan a nasu, abin da suke cewa shi ne banki yana fara kwashe ribarsa gaba ɗaya tukuna, sai ya ƙoshi sannan ya fara taɓa uwar kuɗi. Na sha jin wannan magana a majalisarmu ta bayan la'asar, kuma masu faɗinta ba mutanen banza ba ne. Amma ba haka abin yake ba, kuma fahimtar yadda yake na gaskiya ita ce ta sa na ɗauki wani mataki da zan zo kansa.

Kawuna ya yi aikin akanta har ya yi ritaya, kuma shi na kai wa takardar. Muka zauna a zaurensa, ya ɗauko tabarau da biro da bayan wata tsohuwar ambulan. Bai ko kalli jadawalin ba da farko. Ya ce, "Ɗana, ajiye wannan, mu yi namu, sannan mu gani ko za su haɗu."

Ya fara da raba kashi 9 gida goma sha biyu, ya samu 0.75 cikin ɗari a wata. Ya ce in ɗauki wayata in ninka miliyan goma da 0.0075. Ya ba da 75,000. Wannan shi ne ruwan watan farko, domin a wannan watan miliyan goma cur suna hannuna. Aka cire 75,000 daga 101,427, saura 26,427. Wannan ragowar ce kaɗai ta shiga jikin bashin, ya dawo 9,973,573.

Sai wata na biyu. A nan ya sa ni na maimaita da kaina. Yanzu ba miliyan goma za a ninka ba, sai abin da ya rage, 9,973,573. Ruwan ya fito 74,802. Tunda abin da ake cire mini bai canja ba, ragowar da za ta shiga uwar kuɗi ta zama 26,625. Wata na uku ruwan ya sauko 74,602, uwa ta samu 26,825. Muka buɗe jadawalin banki, layi uku na farko suka yi daidai da abin da ke bayan ambulan.

Kawu ya sa bakin biro a kan bambancin da ke tsakanin watan farko da na biyu. Ruwa ya ragu da sefa 198, rabon uwa ya ƙaru da 198. Ya tambaye ni daga ina wannan 198 ta fito. Ita ce ruwan 26,427 ɗin da na biya a watan farko, wanda yanzu ba a bina. Ya ce, "Ka ɗauka gidan haya ne mai ɗakuna da yawa ka kama gaba ɗaya. Duk wata kana biyan hayar ɗakunan da makullinsu ke hannunka. Da farko duk suna hannunka, haya ta yi nauyi. Duk ɗakin da ka mayar, hayarsa ta faɗi har abada, kuɗin da ka saba biya a kansa kuma sai ya taimaka maka wajen mayar da na gaba."

Daga nan komai ya zauna mini. Babu wani ruwan shekara ta goma da aka jawo aka karɓa a shekarar farko. Kowane wata ana lissafa ruwan wannan watan ne kaɗai, a kan abin da ya rage a ranar. Ruwan yana da yawa da farko saboda bashin yana da yawa da farko. Abin da ya sa rabon uwa ya yi ƙanƙanta kuwa shi ne an tsayar da biyan wata-wata a lamba guda, kuma an zaɓi lambar ne yadda za ta kai bashin sifili daidai a wata na 180. Da yake an shimfiɗa shi a kan shekaru masu yawa, lambar ba ta ɗara ruwan watan farko da wani abin kirki ba. Tsakanin 75,000 da 101,427 ba nisa, kuma wannan ɗan tsakanin shi ne duk ƙarfin da ake fara sarar bashin da shi.

Ina ganin nan ne tsawon wa'adi yake nuna tsadarsa. Da na karɓi kuɗin nan a kan shekara goma da ruwa iri ɗaya, da ana cire mini 126,676 a wata. Ruwan watan farko dai 75,000 ne, bai canja ba, amma da uwa ta samu 51,676, kusan ninki biyu na abin da take samu a nawa. Jimillar ruwan shekara goma zai tsaya wajen miliyan biyar da dubu ɗari biyu, alhali na shekara goma sha biyar ya kai kusan 8,257,000. Bambancin sefa 25,000 da 'yan kai a wata ya haifar da bambancin sama da miliyan uku a ƙarshe. Na san wannan kafin in zaɓa, kuma na zaɓi mai tsawon ne da idona biyu, domin albashina ba zai ɗauki 126,676 ba tare da kuɗin makarantar yara da cefane sun tagayyara ba. Wanda albashinsa zai iya, ina ganin gajeren ya fi masa.

Muka bi jadawalin ƙasa, Kawu yana ja da yatsa yana tsayawa a wuraren da ya ce su ne mararraba. A ƙarshen shekara ta biyar, mutum ya biya sama da miliyan shida, amma bashin yana nan a 8,006,792. Wato an cinye kashi ɗaya cikin uku na lokacin, an biya kashi ɗaya cikin biyar na uwar kuɗi. A watan da ke biye ruwa 60,051 ne, uwa 41,376. Har yanzu ruwa ne ke gaba, amma tazarar ta matso sosai idan aka tuna inda aka faro.

Wata na 89, wato shekara bakwai da wata biyar, shi ne karon farko da rabon uwa ya wuce na ruwa: uwa 51,004, ruwa kuma wajen 50,422. Na yi wa wannan layin alama da jan biro. Amma kada a ruɗe, wannan ba rabin bashin ba ne. A lokacin ana bin mutum sama da miliyan shida da dubu ɗari bakwai. Rabin uwar kuɗi ba ya biyuwa sai a wata na 119, dab da cika shekara goma. Rabin farko ya ci kusan shekara goma, rabi na biyu shekara biyar kacal. Daga nan abin gangara ne. A wata na 121 ruwa ya koma 36,645, uwa 64,781. A layin ƙarshe, cikin 101,427 ɗin nan da aka saba, ruwa sefa 755 ne kawai.

Abin da ke jawo wannan saurin na ƙarshe shi ne dai 198 ɗin nan ta farko. Rabon uwa yana ƙaruwa kowane wata da kashi 0.75 cikin ɗari na kansa. Da yake yana ƙaruwa a kan ƙaruwar da ta gabata, da farko ba a ganin motsinsa, daga baya sai ya zama kowane wata yana ƙaruwa da ɗaruruwa masu yawa. A ruwan kashi 9, cikin kusan shekara takwas rabon uwa yake ninkawa.

A nan dole in tsaya in faɗi abin da ke ran duk Musulmin da ke karanta wannan. Maganar riba ba ƙaramar magana ba ce, kuma ni ban ɗauke ta da wasa ba. Ba ni ne mai ba da fatawa ba, wannan na malamai ne, kuma ina ganin ya kamata duk mai niyyar shiga irin wannan ya zauna da malaminsa tukuna. Akwai tsarin murabaha da bankunan Musulunci ke bi, inda banki ke sayen kayan ya sayar maka da farashin da aka yanke tun farko, kuma lissafinsa da hukuncinsa daban ne da wannan. Abin da nake rubutawa na wanda ya riga ya shiga ne, ko wanda ke tsaye a bakin ƙofa yana son ya san girman abin da ke ciki. Kuma wanda zuciyarsa ba ta kwanta da ruwan da yake biya ba, shi ya fi kowa buƙatar sanin hanyar rage shi da gajarta kwanakinsa.

Hanyar kuwa daga wannan lissafin take fitowa. Tunda ruwa yana bin abin da ya rage ne, duk kuɗin da aka zuba kai tsaye a uwar bashi yana kashe ruwansa na dukan watannin da suka saura. Mun yi wata gonar gado da aka sayar aka raba, rabona ya zo daidai lokacin da nake cika wata 24 da fara biya. Na ware sefa 500,000. Uwargidana tana son a sa su a katangar gida da ƙofa, kuma maganarta tana da hujja, domin gidan a buɗe yake ta baya. Muka zauna da takarda ni da ita. A lokacin ana bina 9,307,926. Idan aka zuba 500,000, zai koma 8,807,926, kuma ruwan watan gaba zai sauko daga 69,809 zuwa 66,059. Sefa 3,750 ke nan da za su bar layin ruwa su koma layin uwa tun daga watan farko, su kuma ci gaba da haifar da nasu ragin. Ta duba ta ce, "Maigida, katanga ta jira kaka." Muka kewaye bayan da zana.

A banki ba a zuba irin wannan kuɗi haka kawai a asusu a tafi. Idan ka ajiye su a asusunka, suna nan zaune a matsayin ajiya, bashin bai san da su ba, ruwa kuma yana ci gaba a kan tsohuwar lamba. Sai an rubuta takardar neman biyan wani ɓangare kafin wa'adi. Kafin in rubuta na koma ga yarjejeniyar na nemo sakin da ya yi magana a kan haka, domin wasu yarjejeniyoyin suna ɗora wani kuɗi a kan mai biya da wuri, wasu kuma suna da mafi ƙarancin abin da za a karɓa. Tawa tana da ɗan kuɗin da ake cirewa, na lissafa shi na ga bai kai ya hana ba.

Ma'aikacin da ya karɓi takardar ya yi mini tambayar da ita ce mafi nauyi a duk wannan aikin. Ya ce, "Malam, a rage maka abin da ake cirewa a wata, ko a bar shi yadda yake a rage watanni?" Na riga na yi lissafin biyun a gida. Idan aka rage biyan wata, zai sauko daga 101,427 zuwa wajen 95,978, sauƙin 5,448 a wata har tsawon wata 156 da suka rage, kuma ruwan da zan tsira da shi wajen 350,000 ne. Idan aka bar biyan yadda yake, watanni 156 za su koma 141. Wata goma sha biyar sun faɗi, wato sama da miliyan ɗaya da rabi da ba za a cire mini ba, kuma idan aka fitar da 500,000 da na zuba, ruwan da ya mutu ya haura miliyan ɗaya. Kuɗi ɗaya, rana ɗaya, amma sakamakon ya kusa ninki uku. Na zaɓi rage watanni, na kuma rubuta shi ɓaro-ɓaro a takardar. Ban ce zaɓin farko ba shi da amfani ba. Wanda ƙarshen wata ke shaƙe shi, dubu biyar ɗin nan numfashi ne a gare shi. Amma ya san abin da ya bari.

Lokacin zubawar ma yana da nasa nauyi. Da na riƙe wannan 500,000 sai bayan shekara goma sha biyu sannan na zuba, da abin da za ta kashe na ruwa bai wuce wajen 140,000 ba, domin shekara uku kawai suka rage mata ta yi aiki. Shekarun farkon nan da suka fi ciwo, su ne kuma shekarun da ƙarin biya ya fi tasiri.

Bayan an kammala na nemi sabon jadawali, kuma ina ba kowa shawara kada ya bar banki ba tare da shi ba. Dubawarsa ba ta da wuya. Ka ɗauki abin da ya rage a kowane layi, ka ninka da kason ruwan shekara, ka raba da goma sha biyu, ka ga ko ya yi daidai da ruwan layin da ke ƙasa. Idan an samu ɗan bambanci, yana iya zama bankin yana ƙirga kwanakin wata ne ɗaya bayan ɗaya, wata mai 31 ya ɗan fi mai 30. Abin da ya kamata ya tsayar da mutum shi ne ya ga layin ruwa ba ya sauka ko kaɗan, lamba ɗaya daga sama har ƙasa. Wannan alama ce ana lissafa ruwan a kan kuɗin farko gaba ɗaya, ba a kan abin da ya rage ba, kuma irin wannan bashin ya fi tsada nesa ba kusa ba ko da kason da aka faɗa maka ya yi kama da ƙarami. Kashi 9 a kan miliyan goma da ba ta raguwa zai ba da ruwan 900,000 kowace shekara, miliyan goma sha uku da rabi a shekara goma sha biyar.

Akwai wani abu kuma da nake gani yana cin ma'aikata a garin nan, shi ne sabunta bashi. Mutum ya yi shekara biyar yana biya, buƙata ta taso, sai a ce za a haɗa abin da ya rage a sake shimfiɗa shi a sabon wa'adi, biyan wata ya sauko. Wani abokin aikina ya kawo mini irin wannan tayin, sai na gwada masa da lambobin jadawalina na farko don ya gani. A ƙarshen shekara ta biyar saura 8,006,792. Idan aka sake shimfiɗa su a wata sabuwar shekara goma sha biyar da ruwa iri ɗaya, biyan wata zai sauko zuwa wajen 81,210, sauƙin dubu ashirin. Amma ruwan watan gaba yana nan a 60,051, ko sefa ɗaya bai ragu ba, domin bashin bai ragu ba. Duk dubu ashirin ɗin daga rabon uwa aka yanke su: daga 41,376 ya koma wajen 21,159. An mayar da mutum inda ruwa ke cin kashi uku cikin huɗu na biyansa, ga ƙarin shekara biyar, ga kuɗin buɗe sabon fayil da sabuwar inshora. Abokin nawa buƙatarsa ta asibiti ce, kuma ba ta jira. Ya koma bankin ya nemi a ba shi ƙaramin bashi daban na shekara biyu, a bar babban yana tafiya a kan jadawalinsa, kuma aka amince masa bayan sun duba albashinsa zai ɗauki biyun.